Adibas Don Ɗiyar Hajjo

Takardar da likita ya rubuta ba ta kai tafin hannu ba, amma tun daga Sakkwato har Boɗinga Arzika yake jin nauyinta a aljihun gaba. Bai iya karatun boko ba, sai dai ya sa mai kantin magani ya karanta masa ita sau biyu har ya haddace: ledar ƙarin ruwa takwas, allurai iri uku, zaren ɗinki, safar hannu, auduga. Duka naira ɗari da talatin da biyu. Likitan ya ce hanjin yarinyar ne ya huje bayan zazzaɓin mako uku, aiki za a yi mata, kuma ɗakin ajiyar asibitin babu ko ƙyallen ɗaure ciwo. A kawo kayan, a yi aiki. In ba a kawo ba, shi ba shi da abin yi da hannu biyu. Ya ƙara da cewa kada a wuce gobe.

Abin da ke aljihun Arzika bayan takardar naira huɗu ne da sulalla.

Shekarar 1983 ce, ana tsakiyar bazara, lokacin da kalmar ostariti, wato tsuke bakin aljihun gwamnati, ta shiga bakin kowa har da tsofaffin da ba su san daga ina ta fito ba. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace, shinkafa sai mai hanya. A karkara kuma cutar bushiya ta faɗa wa shanu, garken da ƙanensa yake kiwo a garinsu Horo Birni ya koma saniya biyu masu jiran rana. Ragon da Arzika ya turke ya tafi tun makon farko na ciwon, wajen masu allurar ƙauye da ba su san abin da suke yi ba. Abin dogaron da ya rage masa a duniya shi ne aikinsa, tuƙin tifa a kamfanin Alhaji Mode ɗan kwangila, naira ɗari da arba'in a wata. Watan kuwa ranar tara gare shi.

Yarinyar sunanta Safinatu, shekararta goma sha uku. Mu ne muke faɗin sunan, don Arzika bai taɓa faɗinsa ba. 'Yar farinsa ce. A gidansu, kamar gidajen da yawa a wannan ƙasa, mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a bainar jama'a, ba ya nuna ya san da zamansa. Ranar da aka yaye ta aka miƙa wa yayarsa Hajjo a Dandin Mahe, ta zama ɗiyar Hajjo a bakin kowa. In ya je gaida yayarsa ya tarar da ita tana daka, sai ya kau da kai ya tambayi lafiyar awaki. In ya sayo atamfar salla, sai ya ajiye wa Hajjo ya ce ga wannan ko za a sami mai so. Duk wanda ya ce ba ya ƙaunar yarinyar bai san Arzika ba. Ya fi son ta a kan sauran ukun da ke gabansa, kuma wannan ma abin kunya ne da bai taɓa gaya wa ko matarsa Atika ba.

Da hantsin Laraba ya shiga yadin kamfanin a Boɗinga. Wurin da a da ƙarar injuna ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, yanzu kaji ne ke kiwo ƙarƙashin katafila. Gwamnati ta riƙe wa Alhaji kuɗin ayyuka uku, an sallami rabin ma'aikata, sauran kowa na tafiya a hankali kada a tuna da shi. Ofis ɗaki ɗaya ne na kwano, da tebur, da akwatin ƙarfe na kuɗi, da akawu Malam Lirwanu, saurayi mai tsabta wanda ya ɗauki dokar ofis kamar karatun salla. A bakin ƙofar kuma, kan buzunsa, ga maigadi Malami. Nan gizo ke saƙar, don Malami ƙanen mahaifin Atika ne, wato surukin Arzika, kuma ƙofar ofishin ba ta rufuwa saboda zafi.

Arzika ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida surukinsa har sai da gaisuwar ta ƙare don kanta, sannan ya shiga.

"Malam Akawu, wurinka niz zaka. Adibas nika so, rance bisa albashina."

Lirwanu ya ajiye biro. Ba shi ne na farko ba a wannan wata, ba kuma na goma ba.

"Nawa?"

"Ɗari biyu."

"Albashinka ɗari da arba'in na, Arzika. Ba a ba mutum adibas da ya wuce albashin wata guda. Ba ni niy yi dokar ba. To, in an ba ka, ƙaƙa za ka biya?"

"In Allah ya hore. Ina da 'yar albasa ga fadamar Danchaɗi, ni da wani. In munka cire..."

"Albasa ba ta shiga littahen ga," in ji Lirwanu, ba da wulaƙanci ba. "Wata za ka hwaɗi, da abin da za a cire kowane wata. Amma bari wannan tukuna. Mi ad dalili?"

Ya buɗe masa zancen dalla-dalla, don shi mutum ne mai son a gane shi. Alhaji ya tafi Sakkwato bin kuɗinsa, sai gobe. Kafin ya tafi ya bar umarni: abin da ke cikin akwati kaɗan ne, kada a ba kowa adibas sai a kan abu uku, ciwo mai tsanani, ko haihuwa, ko rasuwa, kuma a cikin gidan ma'aikaci, wato matarsa, ko 'ya'yansa, ko iyayen da suka haife shi. In ɗayan waɗannan ne, Lirwanu na da ikon buɗe akwati yanzu-yanzu. In wani abu ne daban, sai Alhaji ya dawo.

Arzika ya zaro takardar likita ya ajiye a kan tebur da hannu biyu.

"Wata yarinya ba ta da lahiya. Tana asibiti. Sun ce aiki za a yi mata."

Lirwanu ya karanta, fuskarsa ta canza. Ya san abin da waɗannan kaya suke nufi. Hannunsa har ya kai kan makullin da ke rataye a wuyansa.

"Subhanallahi. Ɗiyarka ta?"

Tambaya ce mai amsa ɗaya, kalma ɗaya. Arzika ya buɗe baki. A daidai nan Malami ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, ba don komai ba, tsufa ne kawai da goro. Amma Arzika ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a ƙeya. Ya ce wannan yarinya tasa ce, da bakinsa, surukinsa na ji? Shekara goma sha uku harshensa bai taɓa bin wannan hanya ba, sai ya bi wadda ya saba.

"Ɗiyar Hajjo ta. Yayata."

Lirwanu ya saki makullin.

Wallahi da akawun ya ɗaga kai ya dubi fuskar mutumin da ke gabansa, da ya gane. Shi ma ɗan ƙasar ne, shi ma uwarsa ba ta kiran sunan wansa. Amma takarda yake kallo. Malami kuwa kunnensa ya yi nauyi, rabin zancen bai kai gare shi ba, kuma ko ya kai, ba shi zai tsoma baki a maganar surukinsa ba.

"Ɗiyar 'yar'uwa ba ta ciki," in ji Lirwanu a hankali. "Makon jiya Shaihu makanike ya zaka don ɗan ƙanenai, na hana shi. In na ba ka, mi za ni ce mishi? Ka yi haƙuri har gobe da sahe. Alhaji na da tausai, ni kau zan sa baki."

"Likita ya ce kada a wuce gobe."

"To, ai goben ta. Da sahe."

Arzika ya tsaya. Ya waiwayi ƙofa, inda surukinsa ke zaune. Sai ya ɗauki takardarsa, ya ninke, ya yi godiya. Godiya fa! Ya sake durƙusa wa surukinsa, ya sa takalmi ya fita.

Abin da ya yi da sauran ranar ba shi da daɗin faɗi. Ya je wurin abokin noman albasarsa a Danchaɗi, ya tarar albasar saura mako uku, kuma mutumin ya riga ya ci kuɗin rabonsa a hannun dillali. Ya je wurin wani mai shago da suka yi makarantar allo tare, mai shagon ya nuna masa kantoci wayam ya ba shi naira biyu. Ya kai agogonsa da rediyonsa kasuwa aka taya naira goma sha ɗaya, kamar abin sata. Ya karɓa. Daga nan ya hau mota zuwa Sakkwato, ya bi ofisoshin da ake cewa Alhaji na zuwa, masinja ya ce yanzu ya fita, wani ya ce bai zo ba sam. Da la'asar ƙafafunsa suka kai shi asibiti ba da shawararsa ba.

Bai shiga ɗakin ba. Ta taga ya leƙa. Tana kwance a gado na uku, cikinta ya kumbura ya ɗaga zanen da aka rufa mata, leɓunanta sun bushe sun tsage, idanunta a buɗe amma ba abin da suke kallo. Numfashinta gajere-gajere. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har ya dafa bango.

Hajjo ta gan shi ta fito. Doguwar mace ce, ta girme shi da shekara tara, ita ta goye shi. Ba ta taɓa haihuwa ba, Safinatu ce kaɗai abin da take da shi. Idonta ya sauka a hannuwansa, ta ga ledar ruwa biyu kacal da ya iya saye da kuɗin rediyo.

"Ina sauran?"

"Sai gobe, Yaya. Alhaji ba shi nan."

"Akawun hwa? Ba kai kac ce min shina ba mutane in ciwo na ba?"

Ya sunkuyar da kai. Da ta matsa, ya faɗa mata yadda aka yi, kalma da kalma, don bai iya yi mata ƙarya ba. Hajjo ta saurara har ya gama. Sannan ta kama kafaɗar rigarsa, a gaban mutane, ta girgiza shi kamar yaro.

"Ɗiyar Hajjo? Kai Arzika! Ni nih haihe ta? Ni da Allah bai ba ko ɓari ba? Kunya ta gida ta, ta zaure ta, ta ranar suna ta. Wa ac ce maka a kai ta ohis? Kuɗɗin na cikin akwati, mutumin ya ɗora hannu bisa makulli, kai kau kana kunyar tsohon da ba shi ji! In yarinyar ga ta mutu, ka tahi ka gaya ma Malami ka kyauta mishi."

Ta sake shi, ta karɓe ledojin, ta juya. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Ɗazu ta tambaye ka. Ta ce, mutumen nan na Horo Birni bai zaka ba?"

Haka ita ma take kiransa. Shi ya koya mata, ba da baki ba.

Likita ya zo zagayen yamma, ya ga leda biyu, ya sa aka ɗaura mata ɗaya. Ya ce wannan zai riƙe ta kaɗan, amma ba zai buɗe cikin yarinya ba shi da zaren rufewa. Ya dubi Arzika ya ce, "Da safe. Kada rana ta yi."

Ranar Alhamis tun kafin a buɗe yadi Arzika yana tsaye a ƙofa. Alhaji Mode bai iso ba sai wajen ƙarfe goma, a gajiye, babbar rigarsa ta yamutse, fuskarsa ta nuna bai samo ko kwabo ba. Dattijo ne mai faɗa amma ba mugu ba, ya yi arziki da guminsa, yanzu yana kallon arzikin na tsiyayewa. Ya zauna a kujerar akawu, Lirwanu ya tsaya a gefe, ma'aikata huɗu suka taru a bakin ƙofa kowa da tasa buƙatar. Malami na kan buzunsa.

Arzika bai jira layi ba. Ya shiga ya zube.

"Ranka shi daɗe, adibas nika roƙo. Albashin wata guda."

"Lirwanu ya hwaɗa min. Ɗiyar yayarka." Alhaji ya murza goshi. "Arzika, abin da ac cikin akwatin ga bai kai albashin mutum shida ba, ku kau kun hi ashirin. In na buɗe ma ɗiyan 'yan'uwa ƙohwa, wa za ni hanawa? Kowa nan na da yaya, kowa na da ƙane. Ga naira goma daga aljihuna, sadaka, Allah shi ba ta lahiya."

Ya miƙo takardar kuɗin. Arzika bai karɓa ba. Ya ji idanun mutanen ƙofa a kansa, ya ji na surukinsa ya fi na kowa zafi. Sai ya tuna cikin nan na yarinyar da ya kumbura ya ɗaga zane.

"Ba ɗiyar Hajjo ba ta."

"Mi kac ce?"

"Ɗiyata ta, ranka shi daɗe." Muryar ta fito da ƙarfin da bai nufa ba, har kajin waje suka watse. "Ni nih haihe ta. Ita ad ɗiyata ta hwari. Sunanta Safinatu. Safinatu! Tana mutuwa, Alhaji."

Wani daga cikin na ƙofa ya sunkuyar da kai, wani ya ja da baya kamar ya ga tsiraicin babba. Arzika kuwa hawaye ne ke zuba, bai share ba, ya riga ya tuɓe abin da ya fi wannan.

Lirwanu ya jawo fayil daga kan kanta. Ya buɗe, ya duba, ya ce da ƙaramar murya, "Alhaji, ɗiya ukku ad a rubuce. Babu Safinatu."

Gaskiya ne. Ranar da aka ɗauke shi aiki aka ce ya lissafa 'ya'yansa, daga na biyu ya fara.

Alhaji ya dubi fayil, ya dubi Arzika. A wannan shekara an yi masa ƙaryar mutuwar uwa, an yi masa ta haihuwar tagwaye. Yunwa ta koya wa mutanen kirki dabaru. Jiya ɗiyar yaya, yau ɗiyar cikinsa, kuma babu ita a takarda.

"Wa za shi shaide ka?"

Sai aka ji motsi a bakin ƙofa. Malami ne yake miƙewa, yana dafa sandarsa. Wannan karon kam ya ji, ai ko na bakin titi ya ji. Bai dubi Arzika ba, Arzika bai dube shi ba.

"Alhaji, jikata ta. Ni nir raɗa mata suna, da bakina, shekarar da anka yi babbar yunwa saura ukku. In shaida kaka so, ga ni. In lamuni kaka so, a rubuta albashina." Ya juya wajen bango, kamar da bangon yake. "Da an hwaɗi haka jiya, da ba a kwan nan ba."

Alhaji ya mayar da naira gomansa kan tebur, ya ce wa Lirwanu, "Rubuta."

Ko a wannan hali sai da aka bi ƙa'ida, don kuɗin kamfani ba ya fita sai da takarda. Lirwanu ya ɗauko farar takarda ya rubuta kwanan wata, da sunan Arzika, da aikinsa, da albashinsa. Ya rubuta dalili: aikin asibiti na 'yarsa Safinatu, ya kwafe jimlar da ke takardar likita. Sannan ya zo kan biya.

"A cire duka ƙarshen watan ga," in ji Arzika. "Dut. Ban so ko sisi."

"A'a," in ji Alhaji. "In na cire duka, mi Atika da yara za su ci? Ranar biyar ga wata ka dawo nan kana neman wani adibas, ni kau ba ni ba mutum na biyu na hwari bai ƙare ba. Kuma doka ba ta yarda a karɓe shi ƙasa ga wata ukku ba, ba ta yarda a cire ma ma'aikaci abin da ya wuce kashi ɗaya cikin ukku na albashinai ba. Hwaɗi abin da kaka iyawa, ka rayu."

Arzika ya yi ƙoƙarin lissafi, kansa ba ya ɗauka. Kowane minti yana jin sa a jikinsa. Hatsin wata, kuɗin mota, cefane, ga jinyar da za ta biyo bayan aiki.

"Talatin da biyar. Wata huɗu. A soma ƙarshen wanga wata."

"Talatin da biyar sau huɗu, ɗari da arba'in," in ji Lirwanu yana rubutawa. "Babu ruwa bisa. Ɗari da biyar za ka riƙa ɗauka har Yuli."

"Sa wannan kuma," in ji Alhaji, bai dubi kowa ba. "In aiki ya tsaya kahin nan, abin da ya saura a cire ga haƙƙinai na sallama. Ba mugunta ba ta, Arzika. Ni kaina ban san ko muna kai Yuli ba."

"Na yarda."

Ya sa hannu da ajami, Malami ya dangwala babban yatsa a ƙasa, Alhaji ya sa nasa. Lirwanu ya buɗe akwati ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya haɗa da goman Alhaji. Da yake miƙawa ya ce, "Da ka hwaɗa min jiya..."

Alhaji ya jefo masa makullin tifa. "Ɗauki mota. Man da ac ciki ya kai ka."

Bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Tifa ba kaya tana tsalle a kan ramuka, yana danna ƙaho tun daga nesa, masu jakuna na tsinuwa. Ƙarfe goma sha biyu saura ya tsaya a kantin magani. Nan ma sai da aka ɓata lokaci, allura ɗaya babu, sai da aka aika wani kanti. Ya rungumi kwalin a ƙirji ya shiga asibiti da gudu, babban mutum da furfura a gemu.

Tana da rai. Ya tsaya a kan gadonta, karo na farko a rayuwarsa da ya tsaya kusa da ita haka. Idanunta sun faɗa, hancinta ya yi tsini. Ya sa hannu a goshinta, sanyi ƙalau da gumi.

"Safinatu," ya ce. "Ga ni. Na kawo."

Ko ta ji, ko ba ta ji ba, Allah ne masani. Leɓunanta sun motsa, ba abin da ya fito.

Aka shiga da ita ƙarfe ɗaya. Shi da Hajjo da Atika, wadda ta iso da safe, suka zauna a ƙarƙashin dalbejiya. Aka kira azahar ya yi salla bai san abin da ya karanta ba. Aka kira la'asar. Jim kaɗan likitan ya fito, ya cire abin rufe baki, ya tsaya nesa kaɗan kamar mai neman inda zai ajiye idonsa. Ya ce sun buɗe, sun tarar ƙazanta ta riga ta cika cikin, ta shiga jini. Sun wanke, sun ɗinke, zuciyar ce ta ƙi. Ya ce sun yi iya yinsu.

Hajjo ta zube ƙasa. Atika, wadda ita ma ba ta taɓa kiran sunan ba, ta toshe bakinta da mayafi tana jijjiga.

Arzika ya bi likitan har bakin baranda. Tambaya ɗaya gare shi, ya san bai kamata ya yi ta ba, ya yi.

"Likita, don Allah. Da jiya niz zaka da kayan?"

Likitan ya daɗe yana dubansa. Mutum ne mai gaskiya, kuma ya gaji.

"Rai na Allah ne, Malam. Amma jiya da sauran ƙarfi a jikinta."

A bayan tifar kamfani aka kai ta Dandin Mahe, aka rufe ta kafin magariba. Masu ta'aziyya suka yi ta zuwa kwana uku, kuma kamar yadda aka saba, Hajjo suke yi wa gaisuwa. Shi sai a ba shi hannu a wuce, don ba a yi wa mutum ta'aziyyar ɗan fari da yawa, kada a sa shi jin nauyi. Ya zauna a ƙarshen tabarma yana amsa amin.

Ranar biyan albashi ya shiga layi kamar kowa. Da ya iso tebur, Lirwanu ya kasa haɗa ido da shi. Ya rage murya ya ce ya yi magana da Alhaji, an yarda a ɗaga cirewar zuwa wata mai zuwa, ko ma a duba yadda za a yi da ita gaba ɗaya.

"A'a," in ji Arzika. "Cire."

"Arzika, ba dole..."

"Malam Akawu, shekara goma sha ukku ban taɓa yi mata komi da sunana ba. Ko atamhwa sai in ce ko za a samu mai so. Wagga takarda ita kaɗai ta ad da sunana da nata wuri guda. Cire abinka. Wata huɗu munka yi."

Lirwanu ya ƙirga naira ɗari da biyar ya tura masa. Ya buɗe littafi ya rubuta talatin da biyar a layin farko, saura layi uku. Arzika ya sa hannu, ya ninke kuɗin, ya matsa wa na bayansa.